Bayan an tashi daga intabiyu: wasiƙar godiya da lokacin tuntuɓa

Wani ɗan 'yar'uwata da ke zaune a Kubwa ya same ni a gida ran wata Alhamis da dare, 6 ga watan Yuni na 2024, fuskarsa cike da murna da fargaba. Da hantsin ranar ya je intabiyu a wani kamfani da ke Wuse, inda ake neman akawu mai kula da lissafin kaya. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kawu, na samu lambar wayar shugaban kwamitin da ya yi mini tambayoyi. In buga masa gobe da safe in ji yadda ake ciki?"

Na ce masa ya ajiye wayar nan tukuna. Na tambaye shi ko kafin ya fito ya tambayi ranar da za a ji sakamako. Ya ce ya tambaya, matar da ke riƙe da fayiloli ta ce kwana goma na aiki. Na ce to, madalla, ka riga ka yi rabin aikin.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labari a wannan fili shi ne, da yawa daga cikin samarinmu suna shirin intabiyu sosai, su yi bitar karatu, su goge tufa, amma da zarar sun fito sai su faɗa cikin ɗayan ramuka biyu. Wani ya yi gum, ko na gode ba zai aika ba. Wani kuwa ya dami mutane da waya safe da yamma har a gaji da jin sunansa. Abin da ke raba mutum da ramukan nan biyu shi ne ya san cewa godiya daban, tambayar sakamako daban, kowacce da ranarta da kuma ƙofar da ake bi da ita.

Mu fara da godiya. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma lokacin da mutane uku ko huɗu suka ɓata suna sauraronka kyauta ce. Wasiƙar godiya ana aika ta ne cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki, tun kamanninka ba su ɓace wa 'yan kwamiti ba, tun kuma ba su haɗa makin da kowannensu ya ba ka ba. In ta wuce mako guda ta zama tsohon zance. Ana aika ta ta hanyar da aka gayyace ka: in da imel aka kira ka, ka amsa a kan wannan imel ɗin, don ma'aikacin da ya buɗe ya ga sunanka da muƙamin da ka nema ba tare da ya yi bincike ba.

Ga abin da muka tsara da yaron nan a daren, shi kuma ya mai da shi Turanci ya aika ran Jumma'a da safe:

"Ranka ya daɗe, ina godiya bisa damar da aka ba ni jiya Alhamis na gana da kwamiti game da muƙamin akawun kaya. Na ƙaru da bayanin da aka yi mini kan yadda ake ƙirga kayan sito a ƙarshen kowane wata, aikin da na yi shekara guda ina yi lokacin bautar ƙasa. Ga hoton takardar shaidar gama bautar ƙasa da aka ce in kawo. Har yanzu ina da sha'awar aikin, kuma a shirye nake in ba da duk wani ƙarin bayani."

Mai karatu zai lura da abubuwa uku. Na farko, ta ambaci rana da muƙami, gama mai yiwuwa mutum ashirin aka gani a wannan mako. Na biyu, ta ɗauko magana guda daga cikin abin da aka tattauna, wadda za ta tuna wa mai karantawa wane ne wannan. Na uku, ba ta tambayi sakamako ba ko kaɗan. Ba ta kuma ce iyayena sun tsufa, ƙannena bakwai suna kaina ba. Wannan roƙo ne, kuma roƙo a wasiƙar godiya yakan sa a ɗauka mutum ba shi da abin da zai nuna sai talaucinsa. A kuma duba rubutu sau biyu kafin a aika. Mai neman aikin lissafi da ya kuskure sunan kamfani ya ba da shaida a kan kansa.

Kada kuma a ɗora wa wasiƙar nan kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ba ta ɗaga wanda ya faɗi. Amfaninta shi ne in mutum biyu sun yi kunnen doki, ko kuma in wanda aka zaɓa ya ƙi zuwa aka koma neman na biyu, sai a tuna da mai ladabi.

To, sai batun lokacin tambaya. Yaron nan ya ƙirga mako biyu daga 6 ga wata, ya ce ran Alhamis 20 ga Yuni ke nan. Na ce a'a, ɗauko kalanda. An ce maka kwana goma na aiki. Laraba 12 ga Yuni hutun Ranar Dimokuraɗiyya ne. Babbar Salla ta kama Lahadi 16 ga wata, Gwamnatin Tarayya kuwa ta ba da hutun Litinin 17 da Talata 18. In ka cire waɗannan kwana uku da ranakun Asabar da Lahadi, kwana na goma bai cika ba sai Talata 25 ga Yuni. Duk wanda ya san Abuja kuma ya san yadda take zama wayam a makon Salla, manya sun tafi garuruwansu, wasu ba su dawowa sai mako ya ƙare, alhali kuwa hannu ɗaya da bai sa ba ya isa ya tsai da fayil. Saboda haka muka ƙara kwana biyu na uzuri, muka tsai da Alhamis 27 ga wata.

Ran nan ya aika layi uku: gaisuwa, tuni cewa an gana da shi ran 6 ga Yuni an kuma ce za a ji cikin kwana goma na aiki, sa'an nan tambaya ko an tsai da shawara ko kuwa akwai sabuwar ranar da zai saurara. Ga matar nan mai fayiloli ya aika, ba ga shugaban kwamiti ba, domin ita ce aikinta amsa irin wannan tambaya. Washegari ta amsa cewa manajan darakta bai dawo daga aikin Hajji ba, a saurara mako na biyu na Yuli. Da ya buga wa shugaban kwamiti waya tun 7 ga Yuni, da bai ji komai ba sai ɓacin suna. Sauri ya haifi nawa.

Ƙa'idar ke nan a taƙaice. In an ba ka rana, ƙirga da kwanakin aiki, ka ƙara biyu ko uku. In ba a ba ka ba, ka bari mako biyu su cika. In ka tambaya aka yi shiru, ka sake sau ɗaya bayan wani mako ko kwana goma, daga nan ka bari haka. Shiru sau biyu amsa ce. Abu ɗaya ne ke halatta tambaya kafin lokaci, watau in wani wuri ya ba ka aiki a rubuce ya kuma sa maka ranar amsa. Nan sai ka gaya musu gaskiya da ranar da aka sa maka. Amma fa kada ka ƙirƙiro wannan don ka tsorata su, gama suna iya cewa Allah ya ba da sa'a, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Duk wannan zancen kamfani ne da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Aikin Gwamnatin Tarayya, wanda shi ne ya tara yawancin masu nema a Abuja tun da aka dawo da hedkwatar ƙasa daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, lissafinsa dabam ne. Ɗaukar manyan ma'aikata a ma'aikatun tarayya, daga matakin albashi na 07 zuwa sama, yana hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, wadda ta bar wa ma'aikatu ɗaukar na mataki na 06 zuwa ƙasa. Kwamitin da ya gan ka shawara kawai yake bayarwa. Bayan haka akwai Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da doka a 1996, Tsarin Mulki na 1999 kuma ya tabbatar da ita. Aikinta ta duba jerin sunayen waɗanda aka zaɓa ta ga ko an yi rabo daidai tsakanin jihohi 36 da Birnin Tarayya, ta ba da takardar shaidar an bi ƙa'ida kafin a raba takardun kama aiki. Saboda haka mutum yana iya cin intabiyu da kyau, a yi watanni bai ji komai ba, kuma ba wanda ya manta da shi. Jami'in da kake damu da waya shi ma jira yake yi.

A irin wannan wuri ba a bin 'yan kwamiti ɗaya-ɗaya da godiya, balle a kai ziyara gida. In za a rubuta, takarda ɗaya ce ta ofis, zuwa ga sakataren hukuma ko daraktan kula da ma'aikata, a kai ta wurin rajista, a sa a buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata. Tambaya kuwa ba ta da ma'ana kafin wata guda ko mako shida, sai in an faɗi rana. Ta kasance tambayar inda aiki ya tsaya, ba tambayar ko sunana yana ciki ba, domin ba ma'aikacin kirki da zai buɗe maka jerin da ba a sa wa hannu ba. Dokokin aikin gwamnati ma sun hana ma'aikaci neman alfarmar manya don samun muƙami ko ƙarin girma, to wanda ya fara da kamun ƙafa tun bai shiga ba ya nuna halinsa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Mai yawan zarya a bakin Sakatariyar Tarayya shi ne abincin 'yan damfara. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya, aka kuma ji shaidu a bainar jama'a kan kuɗaɗen da aka karɓa daga masu nema. Alamar a bayyane take: duk wanda ya amsa tambayarka da cewa sunanka ya fito amma sai ka sa wani abu a asusunsa don fayil ya motsa, ka san inda aka dosa. Godiyar da ta zo da ambulan ko turmin atamfa ta tashi daga godiya, doka tana kiranta cin hanci, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne.

Ɗan 'yar'uwata dai ya ci gaba da aika takardun neman aiki wasu wurare yana jira, kamar yadda na umurce shi, gama ba a dogara da alkawarin da ba a rubuta ba. A mako na biyu na Yuli aka kira shi. Ba shi ne na ɗaya ba, na biyu ya zo, amma na ɗayan ya samu wani aiki a Kaduna. Matar nan ta ce masa da aka buɗe fayil don neman na biyu, takardarsa ta bautar ƙasa tana ciki tare da wasiƙarsa, ba sai an neme shi ya kawo ba.

Allah ya ba masu nema sa'a. Sai mako mai zuwa.