Kwanon Abinci Ya Fi Gwajin Jini Gaskiya: Yadda Ake Gano Alajin Abinci a Jikin Kare

Idan kare ya kwana yana susa, yana lasar tafin ƙafafunsa har gashin wurin ya rine, kunnensa yana wari, mai shi yakan yi ɗaya daga cikin abubuwa biyu. Ko dai ya riƙa sauya masa abinci duk bayan mako biyu, ko kuma ya biya kuɗi a ɗibi jininsa domin a ba shi jerin abincin da karen “ba ya jituwa da su”. A ganina duka biyun asarar kuɗi ne da lokaci. Hanya ɗaya ce tabbatacciya ta gane cewa abinci ne ke jawo ƙaiƙayin: a tsare karen a kan abinci guda na mako 8, sannan a mayar masa da tsohon abincinsa a ga abin da zai faru.

Dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya raba gardama shi ne, alajin abinci da alajin muhalli kamanninsu ɗaya a fata. Wanda ƙurar furanni ko ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki ke tayar wa ciwo, da wanda naman shanu ke tayar wa, dukansu suna susar fuska, da kunne, da hammata, da ciki, da ƙafafu. Akwai alamomin da ke karkatar da zato. Ƙaiƙayin da ke zuwa da damina ya tafi da rani ya fi kama da na muhalli, domin abinci bai san yanayi ba. Wanda ya fara tun kare yana ɗan kwikwiyo, ko yake tare da zawo, amai ko yawan kashi, ya fi kama da na abinci. Amma zato ne kawai. Ƙwarin ƙura suna nan duk shekara, kuma kare ɗaya yana iya ɗaukar ciwon biyu a tare.

Shi kuwa gwajin jini, yana auna sinadaran kariya da jiki ya haɗa game da wani abinci, alhali lafiyayyen kare ma yana iya samun su don kawai yana cin abincin. Na gashi da miyau ya fi muni. A wani bincike da aka wallafa a 2019, masu binciken sun aika wa wani kamfanin irin wannan gwaji gashin ’yar tsana da ruwa a matsayin gashi da miyan kare, sakamako ya dawo ɗauke da jerin abubuwan da wai suke cutar da “karen”. Gwajin da ya samo alaji a jikin ’yar tsana bai cancanci a gina abincin dabba a kansa ba.

Kafin a taɓa kwano, sai an kawar da abubuwan da suka fi sauƙin magani. Ƙuma ce ta farko: cizonta yakan sa kare ya ciji gadon bayansa da gindin wutsiya. Sai ƙazwa, wadda ke cin gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba, tana kuma iya kama mutanen gida. Sai ƙwayoyin cuta da yis da ke yaɗuwa a fatar da susa ta raunata, waɗanda su kaɗai sun isa su hana kare barci. Wanda ya fara gwajin abinci bai magance waɗannan ba, zai ƙare mako 8 karensa na susa, ya yanke hukuncin cewa ba abinci ba ne, alhali bai gwada komai ba.

Mu ɗauki misalin karen gadi ɗan shekara 2, wanda ke cin ragowar tuwo da miya, da ƙashin shanu, da kawunan kaji, wani lokaci da madara. Matakin farko shi ne a rubuta duk abin da ya taɓa ci, domin alaji yana tasowa ne daga furotin da jiki ya riga ya sani. Wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin karnuka ya nuna naman shanu ne kan gaba, sai madara da dangoginta, sai kaza, sai alkama. Ke nan abincin da kare ya shekara yana ci lafiya shi ne abin zargi.

Ga wannan kare, naman zomo da dankalin Hausa, dafaffu da ruwa zalla, za su yi, muddin bai taɓa cin su ba. Naman akuya ko na rago ba zaɓi ne mai kyau ba, saboda kusancin furotin ɗinsu da na shanu. Wannan girki na gida bai ƙunshi dukkan abin da jiki ke buƙata ba, don haka na ɗan lokaci ne, kuma bai dace da kwikwiyo mai girma ba. Ɗaya hanyar ita ce abincin likita wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana yadda garkuwar jiki ba za ta gane shi ba. Buhun kanti mai hoton kifi ko zomo ba abin dogaro ba ne, domin an sha samun naman da ba a rubuta ba a cikin irinsa.

Daga nan sai tsaro. Ban da wannan abinci da ruwa, babu abin da zai shiga bakinsa: ba ƙashi, ba guntun burodi daga hannun yara, ba lasar kwanon mage, ba yawo a bola, ba ƙwayar magani mai ɗanɗanon nama. A nan gwaji ya fi lalacewa, kuma mutanen gida ne ke lalata shi da tausayi. Kowane mako a rubuta tsananin susa daga 0 zuwa 10. Nazarin da Thierry Olivry da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na karnuka masu alajin abinci suna samun sauƙi a mako 5, fiye da kashi 90 kuma a mako 8. Wanda ya tsaya a mako na 3 ya yi gaggawa.

Masu sukar wannan hanya suna cewa wata biyu ya yi tsawo ga dabbar da ke wahala, kuma maganarsu tana da nauyi. Sai dai ba a ce a bar kare cikin azaba ba. Likitan dabbobi yana iya ba shi maganin ƙaiƙayi irin su firedinisolon a makonnin farko, a janye shi kamar mako biyu kafin ƙarshe, domin kada a ba abinci yabon aikin da magani ya yi.

A ce susar karen namu ta sauko daga 8 zuwa 2. Nan ne yawancin mutane ke tsayawa, kuma nan ne kuskure mafi tsada, domin wataƙila damina ce ta wuce ko maganin ƙuma ne ya yi aiki. Sai an mayar masa da tsohon abincinsa an jira har kwana 14. Idan susa ta dawo, sau da yawa cikin ’yan kwanaki, kuma ta sake lafawa da aka koma zomo da dankali, magana ta tabbata. Daga nan a riƙa ƙara abu ɗaya ɗaya, naman shanu na mako biyu, sannan kaza, har a kama mai laifin. Idan kwana 14 suka cika babu abin da ya canza, abinci ya kuɓuta, sai a juya ga muhalli, inda gwajin fata ko na jini ke da amfani wajen zaɓen abin da za a sa a allurar sabar da jiki. Idan kuma susa ta tsaya a 5, ta haura da aka mayar da tsohon abinci, to karen yana da duka biyun.

Wanda ya tsallake wannan mataki na ƙarshe yana iya shafe shekara goma yana sayen abinci mai tsada saboda ciwon da karensa ba shi da shi.