Zuciya ba kalanda ba ce

Makon Babbar Sallah, telan unguwarmu a Kumasi ya ce in zo awo ranar Asabar bayan La'asar. Da na je, sai na tarar da mutum uku, kowa an ba shi wannan lokacin. Har aka kira Magariba ba a auna ni ba.

Ni dai a ganina ba cin amana ba ne, riƙe alƙawari a ka ne. Ga shi wayar da ke aljihunsa tana da kalanda. Da zarar an yi alƙawari, a rubuta suna da lokaci nan take, gaban mai shi. In wurin a cike yake, ido zai gani. A bar minti 15 tsakanin mutum biyu, a sa ƙararrawar tuni awa ɗaya kafin lokaci, a kuma tura wa mutum saƙo ta WhatsApp tun daren jiya.

Sai dai a daina cewa "bayan La'asar". Wannan tsawon awa biyu ne ko fiye, shi ya sa kowa ke zuwa sanda ya ga dama. A ce ƙarfe 4:30.

Wani zai ce, "Malam, ai komai sai Allah ya so." Gaskiya ne. Mu ce insha Allah, mu kuma rubuta, don kalanda ba ta san abin da ba a faɗa mata ba.