Laifin HDR Ba Shi Ne Koɗewar Launi Ba

Ra'ayin da ya yi kaka-gida tsakanin masu sayen allon kwamfuta da masu sayar da shi shi ne cewa HDR wani maɓalli ne na ƙara wa hoto kyau, wanda ya kamata a kunna shi tun ranar farko a bar shi, kuma idan launuka suka koɗe bayan an kunna, to wai na'urar ce ta samu matsala, sai a ƙara mata ƙarfin launi har ido ya gamsu. Wannan ra'ayi kuskure ne tun daga tushe, domin HDR wata hanya ce daban ta bayyana wa allo yawan haske da irin launin da ake so, kuma mafi yawan abin da ke kan kwamfuta, daga shafukan intanet zuwa hotuna da takardun ofis, ba da ita aka tsara su ba.

Tsohon tsari, wanda ake kira SDR, ya dogara ne da ma'aunin sRGB da kamfanonin HP da Microsoft suka gabatar a 1996. A cikinsa kowane ɗigon hoto yana da lamba daga 0 zuwa 255 ga ja da kore da shuɗi, kuma lambar ba ta faɗin takamaiman haske, tana nuna kaso ne kawai na abin da allon zai iya bayarwa. HDR kuwa yana aiki da ma'aunin PQ, wanda aka amince da shi a 2014, inda kowace lamba take nufin ƙayyadadden haske da ake aunawa da nit, wato awon hasken da ke fitowa daga fuskar allo, har zuwa nit 10,000, tare da faffaɗan filin launi na BT.2020. Da zarar an kunna `Use HDR` a Windows, tilas ne manhajar ta mayar da kowane tsohon hoto zuwa sabon tsarin kafin ta aika wa allo, kuma a nan ne abin da ake kira koɗewa yake faruwa.

Kashi na farko na wannan koɗewa gyara ne da aka ɗauka ɓarna. Allunan zamani da yawa suna iya nuna filin launi na DCI-P3, wanda ya fi na sRGB faɗi da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu, kuma muddin HDR yana kashe, idan hoto ya nemi ja mai lamba 255, irin wannan allo yakan ba da ja mafi tsauri da yake da shi, maimakon jan da mai hoton ya nufa. Sakamakon haka ganye yakan yi koren da ya wuce na damina, fatar mutum kuma ta rine da ja kamar mai zazzaɓi. Idon da ya saba da wannan wuce gona da iri, ranar da aka kunna HDR aka mayar da ja gurbinsa na sRGB, sai ya ga kamar an wanke hoton, alhali launin da yake gani yanzu ne ya fi kusa da na asali. Wanda ya garzaya ya ɗaga `Digital Vibrance` a saitin katin NVIDIA ya yi abin nan ne na garin neman gira a rasa ido, domin ƙarin yana shafar duk abin da ke kan allon, har da fim na HDR na gaske wanda launinsa daidai yake tun farko.

Kashi na biyu shi ne inda masu ƙorafi suke da gaskiya, ko da yake ba launi ne matsalarsu ba, duhu ne. Akwai ƙa'idoji biyu na mayar da lambar ɗigo zuwa haske: yawancin alluna suna bin wadda ake kira gama 2.2, ita kuma Windows, yayin da take juya SDR zuwa HDR, tana bin ainihin ƙa'idar sRGB, wadda take miƙewa sak a can kusa da baƙi. A tsakiya ƙa'idojin kusan ɗaya suke, domin lamba 128 tana ba da kimanin kashi 22 cikin ɗari na cikakken haske a dukansu. A wurin duhu ne suke rabuwa. Ɗigo mai lamba 10, a allon da farinsa yake nit 200, yana ba da kimanin nit 0.16 a ƙa'idar gama 2.2, amma nit 0.6 a ƙa'idar sRGB, wato kusan ninki huɗu. Inuwar ƙarƙashin hula, da baƙar riga, da shafi mai baƙin bango, duk sai su koma toka-toka, kuma da yake ido yana auna kaurin launi ne da zurfin duhun da ke gefensa, sai hoton gaba ɗaya ya yi kamar hazo ya rufe shi. Ƙara ƙarfin launi ba ya taɓa wannan ko kaɗan.

Sai kuma shi kansa allon, wanda masu talla ba sa son a tono zancensa. Tambarin DisplayHDR 400 na ƙungiyar VESA, da ke manne a kwalin alluna masu sauƙin kuɗi, yana buƙatar hasken nit 400 ne, ba ya wajabta a raba fitilar bayan allo zuwa yankuna da za a iya rage wa haske ɗaya bayan ɗaya. Allon IPS na gama-gari farinsa ya ninka baƙinsa sau 1,000 ne ko kusa da haka, saboda haka idan fitilarsa tana nit 120 baƙinsa nit 0.12 ne, idan kuma HDR ya sa ta haura zuwa nit 400, baƙin ya zama nit 0.4 a duk faɗin allon. Irin wannan allo yana karɓar saƙon HDR, amma ba shi da ikon nuna wuri mai tsananin haske kusa da wuri mai tsananin duhu, wanda shi ne dalilin ƙirƙiro HDR ɗin.

Rarrabe waɗannan musabbabai ba shi da wuya. Idan bidiyon HDR na gaske ya fito da kyau amma shafukan yau da kullum suka koɗe, to juyin da Windows take yi ne. Idan baƙin layukan da ke saman fim da ƙasansa su ma suka yi toka-toka a ɗaki mai duhu, to fitilar allon ce, kuma babu saitin da zai magance ta. Idan kuwa dushewar tana nan ko da an kashe HDR, sai a duba `Output dynamic range`, domin ta wayar HDMI katin hoto yakan aika lambobi daga 16 zuwa 235 ga allon da ke jiran 0 zuwa 255.

Abin da za a iya daidaitawa da gaske shi ne `SDR content brightness`, wanda yake faɗa wa Windows nit nawa farin takarda zai kasance: a allon tebur, 0 yana nufin nit 80, 100 kuma nit 480, kowane mataki nit 4. Wanda ya tura shi ƙarshe a allon da iyakarsa nit 400 ce ya nemi abin da allon ba shi da shi, sai wurare masu haske su haɗe, kuma inuwar da aka ambata ta ƙara ɗagawa. Kusa da 30, wato nit 200, ya wadatar a yawancin ɗakuna. Manhajar Windows HDR Calibration ta Windows 11 tana taimakawa wajen sanar da kwamfuta ainihin iyakar allon, amma ba ta sauya ƙa'idar juyin ba. Ga mai aikin rubutu ko gyaran hotunan bugawa, hanya mafi dacewa ita ce a bar HDR a kashe, a danna `Win+Alt+B` a kunna shi lokacin fim ko wasan da aka shirya da shi, a sake dannawa idan an gama.