A Ina Ya Kamata Mai Kyamara Ya Tsaya a Masallaci?

Malam Edita,

Ran Juma'ar da ta wuce, a wani masallaci nan Jos, liman ya ta da kabbara ke nan sai ga wani matashi ya ratsa gaban sahu da kyamara, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ke gefena hawaye yake yi saboda ayar da ake karantawa, shi kuwa yaron sai ƙara matso masa yake. Ko haramcin gittawa gaban mai salla bai tuna ba.

Abin ya dame ni, don Jos ce mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon aikin fim, ni ma a garin nan na koyi riƙe kyamara. Kuma a garin da aka kai wa masu sauraron tafsiri hari a masallacin 'Yantaya cikin azumin 2015, ba kowa ne zai so a yaɗa fuskarsa da inda yake salla ba.

Mazaunin kyamara bayan sahun ƙarshe ne, a kan ƙafarta, bayan an nemi izinin liman da kwamitin masallaci. Amma fa tsayawa a baya ma yana da tarko, kuma nan ne da yawa ke faɗawa. Muddin ana tsaye, kafaɗu da huluna kawai ake gani, hoton ya yi kyau. Da an sunkuya ruku'u ko an kai goshi ƙasa, abin da ke fuskantar kyamarar bai dace da allo ba. Saboda haka abin amfaninka daga Fatiha ne zuwa ƙarshen sura, sai ka yanke. A Juma'a karatun a bayyane yake, tsayuwa biyu sun ishe ka, "Amin" ɗin jama'a kaɗai ya cika fim. Kunna na'urar ka bi sahu, kai ma Juma'ar tana kanka.

Gurbin da ka yanke sai ka cike shi da abin da ka ɗauka kafin salla: takalma jibge a ƙofa, ruwan buta yana zuba kan hannu a sanyin asubar Jos, carbi tsakanin yatsu, hasumiya da muryar ladan. Ɓangaren mata kuwa a bar shi, sai in mace ce za ta ɗauka da yardarsu.

Masu fim ɗin labari su sun fi samun sauƙi. A gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan zu an gina kwafin tsohon masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa. Su nemi izini su kai 'yan wasansu can, su ɗauki fuska yadda suke so.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto,
Unguwar Rogo, Jos