Haddar `=` da `<=` ba za ta cece ka daga tseren Verilog ba

Kusan duk wanda ya koyi Verilog an ba shi jimla guda ya haddace: alamar `=` tana aiki bi-da-bi, alamar `<=` kuma tana aiki a lokaci ɗaya. Sai a ɗora masa doka a kai, wai ya sa `<=` a duk inda agogo yake bugawa, ya sa `=` a inda babu agogo, shi ke nan ya gama. Ni dai ina ganin wannan bayani ya ɓata wa ɗalibai da sababbin injiniyoyi lokaci fiye da yadda ya taimake su. Dokar ba ta da laifi, amma dalilin da ake jingina ta da shi ba gaskiya ba ne, kuma wanda ya riƙe doka da dalilin ƙarya, ranar da matsala ta ɓullo daga inda dokar ba ta kai ba, ba zai san ta inda zai fara ba.

Babu abin da yake faruwa a lokaci ɗaya a cikin manhajar kwaikwayo. Ko Icarus Verilog ce, ko Questa, ko VCS, tsarin da ma'aunin IEEE 1364 ya shimfiɗa tun 1995 jerin gwano ne na ayyuka, ana ɗaukar ɗaya a gama sannan a ɗauki na gaba. Kowane ɗigon lokaci an raba shi sahu-sahu. A sahun farko ake gudanar da jimlolin `=`, inda ake lissafa ɓangaren dama a zuba shi a ɓangaren hagu nan take, kafin a wuce layi na gaba. A wannan sahu ɗin ne kuma ake lissafa ɓangaren dama na kowace jimlar `<=`, sai dai ba a zuba sakamakon. Ana ajiye shi, kamar ƙuri'ar da aka jefa a akwati wanda ba za a buɗe ba sai layi ya ƙare. Idan sahun farko ya zama babu kowa, sai a zo sahun da ake kira NBA, a sauya ƙimomin da aka ajiye. Duk wannan yana faruwa ba tare da agogon kwaikwayo ya motsa ko da ƙiftawa ba.

Ke nan bambancin yana ga lokacin da sauran da'ira take ganin sabuwar ƙima. Kuma ga hujja mai sauƙi a kan masu cewa `<=` ba ta san tsari ba: rubuta `q <= 0;` sannan a layi na gaba `if (en) q <= d;` a cikin tubali ɗaya. Ma'aunin ya tabbatar cewa za a sauya su bisa tsarin da aka gudanar da su, don haka ta ƙarshe ce take cin nasara. Injiniyoyi suna dogara da wannan kullum wajen sa ƙimar asali. Da a lokaci ɗaya suke aiki, wa zai ce wacce za ta tsaya?

Abin da ma'aunin bai tabbatar ba shi ne tsari tsakanin tubalan `always` daban-daban da suka farka a kan bugu ɗaya. Nan ne ramin yake. Duba waɗannan layuka biyu:

```verilog
always @(posedge clk) b = a;
always @(posedge clk) c = b;
```

A ce kafin bugun agogo `a` tana 1, `b` da `c` kuma suna 0. Idan manhajar ta fara da tubalin sama, `b` ta zama 1 nan take, tubalin ƙasa ya zo ya karanta sabuwar `b`, sai `c` ma ta zama 1. Idan ta fara da na ƙasa, `c` ta kwashi tsohuwar `b` ta zauna a 0. Amsa biyu daga rubutu ɗaya, kuma dukansu halal ne a idon ma'auni. Manhajar da take juya rubutun zuwa da'ira kuwa ba ta da wannan ruɗani: filif-filof biyu za ta jera, ɗaya yana ciyar da ɗaya, don haka a kan allo na gaske `c` sai a bugu na biyu za ta ga 1. Idan kwaikwayonka ya zaɓi hanyar farko, to ka gwada wata da'ira ce, ka kuma ƙera wata daban. Bambancin bugu ɗaya ne tak, amma bugu ɗaya ya isa ya sa alamar “bayanai sun iso” ta riga bayanan ko ta makara.

Ka lura kuma da abin da zai faru in aka haɗa layukan biyu a tubali ɗaya, `b = a;` sannan `c = b;`. Tsere ya ƙare, domin a cikin tubali tsari tabbatacce ne. Kwaikwayo da da'ira za su yarda da juna. Sai dai abin da suka yarda a kai shi ne `c` tana karɓar `a` kai-tsaye a bugu ɗaya, matakin jinkirin da kake so ya ɓace. Wannan kuskure ne na daban, kuma ya fi sauƙin kamawa saboda kullum haka zai fito. Mai hadda yana cusa su a buhu ɗaya, wai duk laifin “an yi amfani da alamar da ba daidai ba” ne, shi ya sa ba ya gane me ya sa wancan yake bayyana yau ya ɓace gobe, wannan kuma yana nan daram.

Da `<=` a layukan biyu na farko, kowane tubali zai karanta tsohuwar ƙima a sahun farko, a sauya daga baya, kuma ko da wanne aka fara amsa ɗaya ce. Wannan shi ne ainihin dalilin dokar. Clifford Cummings, wanda maƙalarsa ta taron SNUG na shekarar 2000 ta yaɗa ƙa'idoji guda takwas, har da wannan doka, sai da ya bi jerin gwanon nan sahu-sahu kafin ya kafa su. Mutane suka kwashi ƙa'idojin suka bar bayanin a baya.

Masu kare hadda za su ce, to mene ne? Tunda bin dokar yana hana tsere, me ya sa za a wahalar da ɗalibi da sahu-sahu? Amsata ita ce akwai rubutun da ya bi dokar ɗari bisa ɗari kuma ya faɗa rami:

```verilog
always @(posedge clk)  clk2 <= ~clk2;
always @(posedge clk)  d    <= d + 1;
always @(posedge clk2) q    <= d;
```

Ko'ina `<=` ce. An raba agogo gida biyu, akwai maƙirga, akwai rajistar da take ɗaukar ƙirgan a kan agogon da aka raba. A ce `d` tana 4, `clk2` tana 0. Agogo ya buga. Tubalai biyu na sama suka farka a sahun farko, suka ajiye 1 domin `clk2` da 5 domin `d`. Tubali na uku yana barci har yanzu, domin `clk2` ba ta motsa ba. Aka shiga sahun NBA, `clk2` ta tashi, `d` ta zama 5. Yanzu ne tubali na uku ya farka, kuma a yawancin manhajoji abin da zai tarar a `d` shi ne 5. Mai zanen yana nufin 4, domin a tunaninsa gefen `clk` da na `clk2` tare suke tashi, kuma a cif ɗin da aka daidaita rassan agogonsa 4 ɗin za a kama. Kariyar `<=` tana aiki ne kawai tsakanin tubalan da suka farka a zagaye ɗaya. Da zarar agogon kansa ya ratsa ta sahun NBA, ya makara da zagaye guda, bayanai kuma sun riga shi.

Abin takaicin shi ne hoton igiyoyin sigina ba zai nuna maka makarar ba. Gefen `clk` da na `clk2` za su tsaya a layi ɗaya cak, tunda lokaci bai motsa ba. Alamar da za ka nema ita ce ƙima ta tsallake rajista biyu a bugu ɗaya: `d` ta zama 5, `q` ma ta zama 5 a take. Duk inda ka ga haka tsakanin filif-filof biyu, bi sawun agogonsu ka ga ko ɗaya ya bi ta wata jimlar `<=` a hanya.

Gyaran da na fi yarda da shi shi ne a daina ƙirƙirar agogo na biyu, a bar kowa a kan `clk`, a yi amfani da siginar izini:

```verilog
always @(posedge clk) begin
  en <= ~en;
  if (en) q <= d;
end
```

Yanzu `q` tana karanta `d` a sahun farko tare da kowa. A kan FPGA ma wannan ya fi lafiya, domin agogon da aka fitar daga filif-filof aka bi da shi ta wayoyin bayanai yana iya makara da gaske, ba a kwaikwayo kaɗai ba.

Akwai wani magani da ya yaɗu wanda ba na so, wato yayyafa `#1` a jimloli har jan layi ya ɓace. Gaskiya ne `d <= #1 d + 1;` zai sa `q` ta kama 4 a misalin can. Amma manhajar ƙera da'ira tana watsar da jinkirin gaba ɗaya, tsawonsa kuma ya dogara ga `timescale` ɗin da fayil ya gada. Wanda ya san dalilin da ya sa yake sa shi, da sauƙi. Wanda ya sa shi don ya ga ya yi aiki, ya rufe tambayar da ya kamata ya yi ne, wato ko agogon nan biyu an daidaita su a cif. `#0` ya fi muni: tura aikin kawai yake yi zuwa sahun da ke tsakanin na farko da NBA, kuma in tubalai biyu suka yi wannan dabara, sun sake haɗuwa a can da tserensu.

Bencin gwaji ma ba ya tsira, kuma nan ne aka fi sakaci, wai ai ba za a ƙera shi ba. Idan ka rubuta `@(posedge clk); din = 1;`, kana tsere da kowane filif-filof da yake karanta `din` a wannan bugu. Sa `din <= 1;` tseren ya mutu. Haka `$display` yana bugawa a sahun farko, kafin a sauya ƙimomin `<=`, shi ya sa ɗalibi zai rantse rajistarsa ba ta canja ba alhali ta canja. `$strobe` yana jira sai ƙarshen ɗigon lokacin, bayan komai ya lafa.

Don haka in ana zargin tsere, kada a tsaya ga “ai ya yi aiki a kwamfutata”. A sauya wurin tubalan biyu a fayil, ko a sauya tsarin da ake harhaɗa fayiloli, a sake gudu. In sakamako ya canja, an kama shi, ko da yake rashin canjawa ba ya wanke rubutun. A gwada da manhaja ta biyu. A bi da shi ta `verilator --lint-only -Wall`, wanda zai yi gargaɗin `BLKSEQ` idan ya ga `=` a tubali mai agogo, da `COMBDLY` idan ya ga `<=` a tubalin da ba shi da agogo. Cikin gargaɗin biyu, `BLKSEQ` ne zai kama misalin farko, amma misalin `clk2` ba zai tayar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi sai an ɗauki biro an rubuta, a bugun da `d` take 4, wane tubali ne ya farka a sahun farko da wanda bai farka ba sai bayan NBA.