Kafin Mu Ci Bashin Garin Gwangwani, Mu Leƙa Tukunya

'Yan uwa, tun da matasanmu na Jega da ɗaliban jami'ar Aliero suka rungumi ɗaga ƙarfe, muke jin magana guda: wai ƙwanji ba ya fitowa sai da garin furotin na gwangwani. Mu dai ba mu yarda ba. Cokalin awon garin nan bai wuce giram 24 na furotin ba, kuma wake cikin gwangwanin madara ɗaya ya kusa giram 30.

Matsalarmu tana cikin kwano. Tuwo ne ko shinkafa tuli, abin gina jiki kuwa sai an tona.

Mu ɗauki saurayi mai nauyin kilo 60 da ya fara atisaye. Masana suna ba mai ɗaga ƙarfe shawarar giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa, wato kusan giram 96 a yini. Da safe ya haɗa kokonsa da dafaffen ƙwai biyu, ya samu 12. Da rana garau-garau, amma fa waken ya kai gwangwanin nan tun yana ɗanye, ba wanda ake ƙirga ƙwayoyinsa cikin shinkafa ba. Ya wuce 40 ke nan. In ya dawo daga atisaye ya ci awara mai ɗan yawa, kamar giram 150, ya ƙara wajen 18. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli cikin tafin hannu zai ba shi wajen 15, busasshen kifi a miyar dare ma haka. Ragowar, gero da shinkafar da ya ci sun cike. Ko tsinken tsire bai saya ba.

Inda muke tafka kuskure shi ne kwaikwayon 'yan fim. Sai ka ga yaro ya fasa ɗanyen ƙwai ya kwankwaɗe, alhali jiki kusan rabin furotin ɗinsa kawai yake amfana da shi, dafaffe kuwa kusan duka. Ga haɗarin ciwon ciki. Nono ma, in ya sha ruwa ya tsinke, kada a lissafa shi cikakke.

Gaskiya ne wake yana kumbura ciki, kuma shi ke sa wasu su gudu tun makon farko. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, ya dahu luguf, a fara da rabin gwangwani. Wanda ke da hali ya saye shi da tiya lokacin kaka a Maiyama ko kasuwar Jega, ya rufe a jarka saboda ƙwari.

Bayan wata biyu, in ƙarfen da kake ɗagawa bai ƙaru ba kuma sikeli yana nuna kana ramewa, abincin ne gaba ɗaya bai isa ba, sai a ƙara har da tuwon. Mai ciwon ƙoda kuwa, ya ga likita kafin ya bi wannan lissafi.