Sallah da jarrabawa: a jadawali ya kamata a raba gardamar

Duk shekara da zarar hukumomin WAEC da NECO sun fitar da jadawalin jarrabawar kammala sakandare, abin da iyaye Musulmi da malaman makaranta ke fara dubawa shi ne ranakun Juma'a. A 2018 sai da ƙungiyoyin Musulmi, ciki har da MURIC, suka fito suka yi ƙorafi kan takardun WAEC da suka ci karo da lokacin masallaci, kuma irin wannan ƙorafi bai daina dawowa ba. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a bar ɗalibi ya ajiye biro a tsakiyar takarda, ya fita ya yi sallah, ya dawo. Ni a ganina wannan shawara ta fi kowacce rauni. Tsawon takarda ba kasafai yake hana ɗalibi sallah ba. Abin da ke hana shi shi ne ƙarfe nawa aka fara, da kuma abin da ake yi idan an makara, kuma waɗannan biyun a teburin masu tsara jadawali ake warware su, tun kafin ɗalibi ya shiga ɗakin jarrabawa.

Mu fara da lissafin rana. A watannin Mayu da Yuni, lokacin da ake WAEC, rana tana gotawa daga tsakiya a Kano da misalin 12:25, La'asar ta shiga wajen 3:45, rana kuma ta faɗi wajen 6:45. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala a zaure ya san fiƙihun Malikiyya ya raba lokacin sallah biyu, na zaɓi da na lalura. Na zaɓin Azahar yana farawa daga gotawar rana har inuwar abu ta kai tsawonsa, na La'asar kuma yana kaiwa har rana ta yi fatsi-fatsi. Ke nan Azahar tana da fili na sama da awa uku, ko da yake al'adar garuruwanmu da yawa ta sa muna ganin kamar sai ƙarfe 2:00 take shiga. To a ɗora takardar Kimistiri mai awa uku a kan wannan fili, a ce an fara ta 2:00 daidai. Ɗalibi ya yi Azahar da 1:00, ya shiga, ya fito 5:00, ya yi La'asar tun rana na da farinta, bai rasa ko ɗaya ba. Takardar safe mai farawa 9:30 ita ma, ko ta kai awa uku da rabi, 1:00 ta ƙare. Ashe a ranar da komai ya tafi bisa tsari, ba a ma buƙatar hutun tsakiyar takarda.

Matsalar tana ɓullowa ne a ranar da jadawali ya zame, kuma wannan ba baƙon abu ba ne. Jami'in da ke kula da cibiya sai ya je inda ake ajiye takardun tambayoyi ya sa hannu ya karɓo su da safe, ga damina, ga hanyoyin karkara. A ce ya makara da awa biyu. Takardar 9:30 mai awa uku ta koma 11:30, ta ƙare 2:30, kafin a tattara takardun amsa a ƙirga a rufe ambulan 2:45 ta yi. Ita kuwa ta rana tun 2:00 ya kamata a fara ta, saboda haka mai sa ido, don tsoron kada a ce ya ƙara makara a kan makara, sai ya ce kowa ya zauna inda yake. Awa uku daga 2:45 ya kai 5:45, ba za a bar kowa ya fita ba sai wajen 6:00. Ɗalibin da ya zauna tun hantsi ya rasa lokacin zaɓin Azahar gaba ɗaya, La'asar ɗinsa kuma ta faɗa cikin fatsi-fatsin rana. Jadawalin da aka buga bai ci karo da sallah ko ɗaya ba, amma hutun da ke tsakanin takardun biyu shi aka fara yankawa don a biya bashin makara. Abin da ya faru ranar 28 ga Mayun 2025 ya nuna iyakar inda wannan zamiya ke iya kaiwa: takardar Ingilishi ta WAEC ta makara a cibiyoyi da dama har ɗalibai suka rubuta ta cikin dare da tocila, daga baya hukumar ta ba da haƙuri.

Don haka buƙata ta farko ita ce hutun tsakar rana ya zama hakkin ɗalibi a rubuce cikin ƙa'idojin da ake bai wa masu sa ido: komai makarar takardar safe, ba za a buɗe ambulan ta rana ba sai an cika awa guda da tattara ta farko. Wani zai ce awa guda ta yi yawa ga raka'a huɗu. Sai dai alwala ce ke cin lokacin. Cibiya mai ɗalibai 200 da buta goma, kowa ya ɗauki minti biyu, minti arba'in ke nan kafin na ƙarshen layi ya wanke ƙafarsa, ba a ma zo ga layin bayi ba, wanda ya fi tsawo a ɓangaren 'yan mata. Bayan sallah kuma sai an sake caje kowa a ƙofa an duba katinsa. A nan makarantu na da nasu nauyin, domin duro biyu na ruwa da butoci talatin da tabarmi a ƙarƙashin inuwa sun isa su mayar da minti arba'in ɗin ya koma ƙasa da sha biyar.

Juma'a ce ke da wuyar gaske, saboda ita ɗalibi ba zai shimfiɗa tabarma a bayan aji ya yi ta shi kaɗai ba. Tana buƙatar jam'i da huɗuba, masallatai kuma sun sha bamban, wasu suna tayarwa 1:30, wasu 2:00, wasu ma bayan haka. Ƙari a kan wannan, ƙasar tana da faɗi: rana tana gotawa a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta gota a Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya. Takardar 2:00 ranar Juma'a tana tilasta wa ɗalibi zaɓi tsakanin masallaci da makomar karatunsa, ko kuma ya iso yana haki bayan an daɗe da farawa. Mayar da ita 3:00 yana magance wannan, amma idan mai awa uku ce sai 6:00 za a tashi, ga hadari ya haɗo, ga yaran ƙauye da tafiya a gabansu. Mafita ita ce a keɓe yammacin Juma'a ga gajerun takardu kaɗai, irin kashin zaɓar amsa na Lissafi mai awa ɗaya da rabi, wanda in an fara 3:00 za a gama 4:30. Dogayen kuwa a ba su safiya ko sauran ranakun mako. A jarrabawar da ke ɗaukar mako shida, gurbi shida kacal ake magana a kai.

Masu son a riƙa fita tsakiyar takarda suna da niyya mai kyau, amma su duba abin da zai biyo baya. Ɗalibin da ya riga ya karanta tambayoyi, ya fita da su a kansa zuwa wurin alwala inda ɗalibai hamsin ke cakuɗe, an buɗe wa satar amsa ƙofa, kuma zargin da zai biyo baya zai iya sa a riƙe sakamakon cibiya baki ɗaya, har da na waɗanda ba su ji ba su gani ba. Sannan minti ashirin ɗin da ya ɓata, in an rama masa, wanda bai fita ba zai ce an fifita wani, in ba a rama ba kuma an ci shi tarar ibada. Wuri ɗaya da hutu zai iya shiga ba tare da ɓarna ba shi ne gaɓar da ke tsakanin kashin dogon rubutu da kashin zaɓar amsa, lokacin da aka riga aka karɓe littafin amsa na farko. Ko a nan ma da sharaɗi, domin sau da yawa kashin biyu a ƙunshi guda ake buga su, a rubuta wa ɗalibi kada ya juya shafi sai an ce masa. Sai an raba su ambulan biyu kafin hutun ya zama mai aminci, kuma wannan ma aikin hukuma ne tun daga maɗaba'a.

Akwai masu cewa Najeriya ba ta da addinin gwamnati, kamar yadda sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, don haka bai kamata jadawali ya bi kiran sallah ba. Amma wannan kundin dai shi ne a sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, kuma jadawalin da ke barin Lahadi babu takarda ya riga ya amince cewa ana tsara jarrabawa ne da la'akari da rayuwar masu rubuta ta. Hutun awa guda kuwa kowa ne ke cin moriyarsa, Kirista ya ci abinci ya sha ruwa, Musulmi ya yi sallah, mai sa ido ma ya miƙe ƙafa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta WAEC, wadda ke yi wa ƙasashe biyar hidima, Najeriya, Ghana, Saliyo, Laberiya da Gambiya, kuma takardun da suka yi tarayya a kansu dole a buɗe su lokaci guda don kada tambayoyi su tsallaka iyaka ta waya. Najeriya tana gaban sauran huɗun da awa ɗaya, saboda haka 3:00 a Kano 2:00 ce a Banjul, wato an ɗauke matsalar daga kan ɗan Kano an ɗora wa ɗan Gambiya. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da yake nunawa shi ne kada a sa takardar tarayya a yammacin Juma'a tun farko. WAEC na da darussan da ƙasa ɗaya kaɗai ke rubutawa, su ne suka dace da wannan gurbi.

Wasu kuma za su ce ai addini da sauƙi, ɗalibi ya jinkirta ko ya haɗa sallolin biyu. Malamai sun yi bayani kan uzuri da lalura, kuma ɗalibin da aka tsare a kujera ba da son ransa ba su ne za su ba shi fatawa. Amma rangwamen da shari'a ta yi wa wanda ya shiga tsaka mai wuya bai zama lasisi ga hukuma ta riƙa ƙirƙiro tsaka mai wuyar kowace shekara ba, musamman tun da lokutan sallah na ranar 15 ga Mayun baɗi sananne ne tun yau, a kowane gari, har zuwa minti. Kwamitin tsara jadawali yana buƙatar takardar lokutan sallah na Maiduguri da Kano da Sakkwato da Legas a gefen kalandarsa, da layi biyu a littafin masu sa ido: awa guda tsakanin takarda da takarda ko an makara, kuma babu doguwar takarda bayan sallar Juma'a.